Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kafa Hujja da Hirar Dattawa

Ɗalibin da ya yi bincike kan tarihin ƙira a garinsu yakan rubuta a ƙasan shafi cewa "Hira da Sarkin Maƙera", ya tsaya nan. Sarauta kuwa riga ce da ake gada, saboda haka wanda ya karanta aikin bayan shekara ashirin ba zai san wane Sarkin Maƙera ake nufi ba. Gyaran shi ne a kawo suna tare da sarautar, da shekaru, da wurin hira da ranarta, kamar haka: Malam Wane, Sarkin Maƙera, kimanin shekara 72, a zauren gidansa, 12 ga Maris 2024. Idan dattijon bai yarda a ambaci sunansa ba, sai a ba shi lamba, a faɗi cewa an sakaya sunan bisa roƙonsa.

Shekarun nan su ne suka fi ba da wahala. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma idan ɗalibi ya ga furfura sai ya rubuta 90. Abin da ya dace shi ne a auna da wani abu da kowa ya san lokacinsa. Idan dattijon ya ce bai daɗe da fara azumi ba aka kashe Sardauna, wato a Janairun 1966, to yana wajen shekara 14 a lokacin, an haife shi ke nan wajen 1952, kuma kalmar "kimanin" dole ta shiga rubutun.

Wannan lissafi yana tona wani kuskuren da a ganina ya fi kowanne illa. Mutumin da aka haifa a 1952 bai ga shigar Turawa Kano a 1903 ba, amma sai a ga an kawo maganarsa kamar ganau ne. Wajibi ne a tambaye shi daga wa ya ji, sannan a rubuta cewa ya ji daga kakansa, domin mai karatu ya san baki nawa labarin ya ratsa kafin ya iso takarda.

Haka kuma hira a zaure ba ta cika zama ta mutum ɗaya ba. Ƙanen mai gida yakan sa baki ya gyara sunan wani sarki, daga baya a jingina wa mai gida maganar duka. Tun ranar hirar ya kamata a saurari muryar da aka naɗa a waya, a rubuta wanda ya faɗi kowace magana da mintin da ya faɗe ta, misali 34:10, a kuma sauya sunan da waya ta ba ta zuwa irin `2024-03-12_makera_01.m4a`. Wannan suna da mintin su ne za su biyo bayan ranar hira a ƙasan shafi.