Darasi na Bakwai: Wa Ka Ba Makulli? Karanta Allon Raba Fayil a Waya

Yawancin wayoyin da ke hannunmu a Garwa da Marwa da Ngawundare da Faransanci suke magana, wasu kuma da Turanci, musamman waɗanda aka sayo daga Najeriya. A wannan darasi za mu koyi karanta allo guda ɗaya, wato allon da ke fitowa idan za a raba fayil a Google Drive, ma'ajiyar da duk mai adireshin Gmail yake da ita. Kalmomin da ke kansa kaɗan ne. Ba sai kun iya Faransanci ba, abin da ake so shi ne idonku ya saba da siffarsu.

Tambaya biyu ce allon yake yi, ko da bai rubuta su ba. Ta farko: wa zai shiga? Ta biyu: in ya shiga, me zai iya yi? Kowace tambaya da wurin amsarta, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi daga cuɗa su take fitowa.

Yadda ake kai wa allon

Ku buɗe Drive, ku nemo fayil ɗin. A gefen sunansa akwai ɗigo uku. Ku taɓa su, jerin kalmomi zai fito. Uku ne namu a ciki: Partager (raba), Gérer l'accès (kula da masu shiga) da Copier le lien (kwafi mahaɗi). A wayar Turanci su ne Share, Manage access da Copy link. Mahaɗi shi ne dogon rubutun nan mai fara wa da https da ake turawa a WhatsApp, wanda Faransanci ke kira lien.

Shawararmu ita ce ku riƙa fara wa da Gérer l'accès, domin shi ne ke nuna yadda abubuwa suke kafin a taɓa komai.

Matsayi uku

A saman allon akwai sunayen mutanen da aka ba izini. Mai fayil ɗin yana ɗauke da kalmar Propriétaire, ko Owner. Kowa bayansa yana da ɗaya daga cikin ukun nan.

Lecteur, ko Viewer, mai karatu ne kawai. Yana gani, ba ya iya goge ko harafi ɗaya.

Commentateur, ko Commenter, yana gani kuma yana iya barin magana a gefe, kamar malamin da ya rubuta da fensir a bakin shafi. A takardar Docs, wato manhajar rubutu ta Google, yana iya nuna gyaran da yake so, amma gyaran ba ya zama sai mai iko ya amince.

Éditeur, ko Editor, shi ne aka miƙa wa alƙalami. Yana rubutawa, yana gogewa, yana canza lamba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in ba a kashe wannan damar a saiti ba, yana kuma iya shigo da wasu mutane, ya canza musu matsayi, ba tare da ya tambayi mai fayil ba.

Ku tsaya a nan ku ɗauki biro, ku rubuta Lecteur da Éditeur ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ku ƙirga haruffan. Kowace bakwai ne, kuma duka biyun da teur suka ƙare. A ƙaramin allon waya, cikin hasken rana a kasuwa, kamar tagwaye suke, alhali ɗaya baƙo ne da ya zo gani, ɗayan kuwa makullin shago ne a hannunsa. Saboda haka kada ku dubi ƙarshen kalma, ku dubi farkonta. In da L ta fara, karatu ne. In da É ta fara, mai ɗan karkataccen layi a ka kamar an ɗora masa alƙalami, rubutu ne. Commentateur ba ta da wahalar ganewa, ita ce mafi tsawo. Masu wayar Turanci kuma su riƙe V, C da E.

Akwai tarko ɗaya a nan. Idan kun taɓa Partager kun rubuta imel ɗin mutum, matsayin da Drive ke sa masa da kansa Éditeur ne. Wanda ya yi sauri ya aika ya ba da alƙalami ke nan bai sani ba. Kafin ku aika, ku taɓa kalmar, ku zaɓi wadda kuke nufi.

Ƙofar gida: kwaɗo ko duniya

A ƙasan sunayen akwai sashe na biyu mai suna Accès général, ko General access. Nan ake amsa tambayar wa zai shiga, kuma amsa biyu ce ga mai asusun Gmail na kansa.

Limité, ko Restricted, yana tafe da hoton kwaɗo. Ma'anarsa sai wanda aka rubuta sunansa a sama, shi ma sai ya shiga da asusun da aka rubuta. Ko mahaɗin ya faɗa hannun wani, ba zai buɗe masa ba.

Tous les utilisateurs qui ont le lien, ko Anyone with the link, yana tafe da hoton ƙwallon duniya. A wasu wayoyi ƙarshen jimlar ya ɗan bambanta, amma Tous na farko bai canzawa, kuma ma'anarsa kowa da kowa. Duk wanda mahaɗin ya kai gare shi zai buɗe, ko ba ya da asusu, ko ba ku san shi ba. Mahaɗi kuwa kamar zance yake, in ya fita daga baki ɗaya ba ka da iko da inda zai kwana.

In an zaɓi duniya, wata kalma tana fitowa kusa da ita, ɗaya daga cikin ukun nan da muka koya. Duniya tare da Lecteur na nufin kowa zai karanta. Duniya tare da Éditeur na nufin kowa zai iya gogewa da rubutawa, kuma wanda ya shiga ba da asusu ba, ba za a san sunansa ba. A ganinmu babu dalilin da zai sa takardar kuɗi ta zauna a haka ko na dare ɗaya.

Ku lura kuma, Copier le lien ba ya buɗe ƙofa, ba ya rufe ta. Adireshi kawai yake kwafa. Shi ya sa wani lokaci za ku tura wa mutum mahaɗi ya ce ya ƙi buɗewa, yana ganin Demander l'accès, wato nemi izini. Wayarsa lafiya lau take, kwaɗo ne a kan fayil ɗin kuma ba sunansa a ciki. Wani lokacin ma sunan yana nan, sai dai wayar tana ɗauke da asusun ɗansa ko na mai gyaran wayar da ya saita ta.

Misali: littafin adashi

Mu ɗauka wata ƙungiyar adashi ce ta mata ashirin da huɗu a Garwa, kowace tana zuba jaka biyar a mako. Sakatariya ta rubuta lissafin a tebur na Sheets, wato manhajar lissafi ta Google: suna, lambar waya, abin da aka zuba, da makon da kowace za ta kwasa. Ma'aji ta kira ta:

"Yaya, abin da kika turo ya ƙi buɗewa."

"To, Hajiya, bari in gyara."

Cikin gaggawa sai ta mayar da Limité zuwa Tous les utilisateurs qui ont le lien, ta zaɓi Éditeur don ma'aji ta iya shigar da kuɗi, ta jefa mahaɗin a dandalin ƙungiya. Ya buɗe, kowa ta ji daɗi. Amma ku duba abin da aka yi. Mata ashirin da huɗu duk sun sami alƙalami, har da yaran da ke wasa da wayoyinsu. Ɗan yatsa ɗaya ya isa ya mayar da 5000 ta koma 500. Kuma ranar da aka tura mahaɗin wani dandali, baƙo zai ga wadda za ta kwashi jaka ɗari da ashirin a wannan makon, ga lambar wayarta a gefe.

Ga yadda ya kamata a yi. A bar Accès général a kan Limité. A karɓi adireshin Gmail na ma'aji, a duba shi harafi-harafi, a sa ta a Éditeur, ita kaɗai. Uwar adashi da ke sa ido a kan lissafi a sa ta a Commentateur, in ta ga kuskure ta yi magana a gefe. Sauran mata masu Gmail a sa su a Lecteur. Waɗanda ba su da shi a karanta musu a wurin taro, ko a yi wani tebur dabam wanda ba lambar waya ba ranar kwasa, shi ne za a buɗe wa duniya da Lecteur.

In an riga an yi kuskuren, a koma Gérer l'accès a mayar da kwaɗo. Daga lokacin tsohon mahaɗin ba zai ƙara buɗe wa wanda ba sunansa ba. Lambobin da aka ɓata ana iya dawo da su daga Historique des versions, inda ake ajiye tsofaffin kamannin takardar, kuma ya fi sauƙi a kwamfuta. Abin da ba ya dawowa shi ne wanda aka riga aka gani. Mai Lecteur yana iya sauke kwafi in ba a hana a saiti ba, kuma ko an hana, ba abin da zai hana shi ɗaukar hoton allo.

Wani abu kuma: izinin da aka sa wa folda yana bin duk abin da ke cikinta. In folda a buɗe take ga duniya, kuka jefa hoton katin shaida a ciki, shi ma ya buɗe.

Aikin aji

Kowa ya ɗora hoto marar muhimmanci a Drive, ko na kwandon albasa ne. Ya bar shi a Limité, ya kwafi mahaɗin ya tura wa na kusa da shi. Na kusan ya karanta da ƙarfi abin da ya fito a allonsa. Sannan mai hoton ya canza zuwa duniya da Lecteur, a sake gwadawa, a ga bambanci. Kada mutum ya gwada da wayarsa yadda take, domin mai fayil kullum zai buɗe masa, kwaɗo ko babu. In ba wani a kusa, ya liƙa mahaɗin a Nouvel onglet de navigation privée na Chrome, inda ba a shiga da asusu ba. In hoton ya fito a can, to a buɗe yake ga kowa. Kafin a tashi, kowa ya mayar da kwaɗo, ya nuna wa malami allonsa.