Kurakuran da Aka Fi Yi a Zaman Tankaɗe da Rairayar Baklog, da Yadda Ake Gyara Su

Na daɗe ina jagorantar zaman nan da masu Sikiram, wato tsarin gina manhaja kashi-kashi a cikin gajerun zanguna, ke kira rifainmen, wanda mu a ofishinmu na Kaduna muke ce wa tankaɗe da rairaya. Aikinsa shi ne a ɗauki ayyukan da ke saman baklog, wato jerin abin da ake son manhaja ta yi, a fayyace su, a auna nauyinsu, ta yadda ranar tsara sifirin, wato gajeren zangon aikin da za a shiga, za a iya ɗaukarsu ba tare da an tsaya tambayar “me ma ake nufi a nan?” ba. Ina jin ciwon yadda ake lalata wannan zama, domin idan ya lalace, mutum shida ne za su yi mako biyu suna gina abin da ba shi aka nema ba.

Misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe. Mun taɓa yin manhajar littafin bashi domin 'yan kasuwa masu sayar da atamfa da shadda, irin waɗanda ke Kasuwar Barci. Mu shida ne, sifirin ɗinmu mako biyu, yana farawa Litinin.

Kuskuren farko shi ne lokacin da ake sa zaman. Mu a da sai yammacin Juma'ar ƙarshe muke yi, bayan an sauko masallaci, kowa hankalinsa ya yi gida. Duk tambayar da ta taso a wannan lokaci ba wanda zai amsa ta kafin Litinin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Da muka mayar da shi Laraba da safe, awa ɗaya kowane mako, sai ya zama akwai kwanakin da mai jerin ayyuka, wato furodak ona, za ta je kasuwa ta tambayo. Littafin jagoran Sikiram na Ken Schwaber da Jeff Sutherland bai sa wannan aiki cikin tarurrukansa na dole ba, ya ɗauke shi aiki ne mai ci gaba, don haka ku ne za ku zaɓi ranarku. Bugun 2017 ya ce yawanci ba ya cin fiye da kashi 10 cikin 100 na lokacin masu gina manhajar, bugun 2020 kuma ya cire adadin. Har yanzu ma'auni ne mai amfani: a kwana 10 na aiki, awa 8 kullum, awa 8 ke nan ga kowane mutum, kuma wannan ya haɗa da karatun da mutum zai yi shi kaɗai kafin zama.

Kuskure na biyu shi ne buɗe Jira ko Trello, manhajojin da ake jera kowane aiki a kan katinsa, a majigi a fara karantawa daga sama har ƙasa. Kati arba'in a awa ɗaya, kowanne minti ɗaya da rabi. An taɓa kowanne, ba a gama ko ɗaya ba. Gyaran shi ne furodak ona ta zaɓi kati huɗu ko biyar na sama, ta tura su kwana ɗaya kafin zaman. Na ƙasa a bar su yadda suke, domin rabinsu za su canza kafin a iso kansu, kuma wahalar da aka sha a kansu ta tafi a banza. Maki su ne lambobin da muke auna nauyin kowane kati da su, kuma mu muna gama kimanin maki 24 a kowane sifirin, don haka idan katunan da suka shirya suka kai maki 40 ko kusa, sai mu dakata.

Inda aka fi asara kuwa, shi ne gaggawar sa maki kafin a fahimci aikin. Katin da aka kawo mana ran nan layi ɗaya ne: ɗan kasuwa ya iya rubuta biyan da kwastoma ya yi ta taransfa. Kowa ya gyaɗa kai, abu ne mai sauƙi a ido. Muka ɗaga katunan awo, masu lambobi 1, 2, 3, 5, 8, 13. Mutum biyu suka ɗaga 3, ɗaya 5, mai gwajinmu kuma ta ɗaga 13. Wani ya ce a raba gardama a sa 5 a wuce. Wannan shi ne kuskuren, kuma da mun bi shi da mun sha wuya. Tazarar da ke tsakanin 3 da 13 ita ce ribar zaman gaba ɗaya, domin tana nuna cewa ba abu ɗaya mutanen nan ke gani a zuciyarsu ba. Dabarar nan ta ɗaga kati tare, wadda James Grenning ya bayyana a 2002, an yi ta ne don irin wannan saɓani ya fito fili. Ka'idarta ita ce mai lamba mafi ƙanƙanta da mai mafi girma su yi bayani, sannan a sake ɗagawa.

Na ce, “Hajiya, me kika hango?”

Ta jawo takarda ta rubuta ₦50,000 da manyan baƙi, ta ja layi a ƙasa. Ta ce, “Malam, ga wanda ake bi dubu hamsin. Ya turo ashirin. Me manhajar za ta nuna? To, in ya turo hamsin da biyar fa, ina biyar ɗin za ta zauna? In kuma alat ya shigo sau biyu a kan biya ɗaya saboda matsalar sabis, an biya sau biyu ke nan?”

Ɗakin ya yi tsit. Waɗanda suka ce 3 sun ɗauka ɗan kasuwa zai buga adadin da hannunsa ne. Ita kuwa ta ɗauka manhajar ce za ta karɓi sanarwar banki ta haɗa ta da sunan mai bashi da kanta. Ayyuka biyu ne daban a ƙarƙashin layi ɗaya.

Daga ranar muka ɗauki hanyar da Matt Wynne ya fito da ita ta fayyace aiki da misalai. Ana amfani da takardu kala huɗu: ruwan ɗorawa ga aikin kansa, shuɗi ga kowace ka'ida, kore ga misalin da ke ƙarƙashin ka'idar, ja ga tambayar da ba wanda ke ɗakin zai iya amsawa. Minti 25 ya ishi kati ɗaya. Daɗinta shi ne teburin da kansa yake gaya maka halin da ake ciki. Idan ja ya yi yawa, aikin bai nuna ba. Idan shuɗi ya cika tebur, aikin ya yi girma, a raba shi. Namu ya ƙare da shuɗi biyar da ja uku. Ga ɗaya daga cikin misalan kamar yadda muka buga shi a jikin katin:

```
Bashi: 50,000
An biya: 20,000
Saura: 30,000, bashin yana nan a buɗe
```

Jajayen takardun ba a yi gardama a kansu ba, kuma nan ma wani kuskure ne da ake yawan yi: mutum shida su zauna minti ashirin suna hasashen abin da ɗan kasuwa zai so, alhali ɗan kasuwan yana nan a Tudun Wada. Kowace tambaya aka rubuta wanda zai amso ta da ranar da zai kawo amsa. Furodak ona ta je washegari ta zauna a shago. Mai shagon ya buɗe mata littafinsa, ya nuna mata inda yake rubuta rarar kuɗi da jan biro a gefen sunan kwastoma, ya ce, “Ai ba a mayarwa, Hajiya. Ajiya ce, sai ya zo ɗaukar wani kayan a cire.” Babu ɗaya daga cikinmu da ya yi wannan tunanin. Mu duka mun ɗauka za a mayar da kuɗin ne.

Yadda za a raba katin ma akwai tarko. Masu rubuta manhaja sukan so su raba shi bisa sana'arsu: kati ɗaya na ma'ajiyar bayanai, ɗaya na sabar, ɗaya na fuskar da ake gani a waya. Matsalar ita ce babu ɗaya a cikinsu da za ka miƙa wa ɗan kasuwa ya yi amfani da shi, kuma mai gwaji ba ta da abin gwadawa sai an gama ukun, wanda yawanci ranar ƙarshe ce. Mun raba namu ne bisa ka'idojin da ke kan tebur. Rubuta cikakken biya da hannu ya samu maki 2. Biyan rabi da rabi ya samu 3. Ajiye rara ya samu 3 bayan amsa ta zo. Haɗa sanarwar banki da mai bashi kuwa ba mu sa masa maki ba, domin ba wanda ya san yadda bayanan za su iso. Muka ware wa mutum ɗaya kwana biyu ya bincika ya dawo da amsa, sannan a auna. Ukun farko suka shiga sifirin, kuma kowanne ana iya nuna shi shi kaɗai.

Game da maki, abu biyu suna damuna. Na farko, oga ya fara magana. Da zarar babba a ɗaki ya ce “wannan ai aikin rabin yini ne”, ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗaga 8 ba, don kunya da girmamawa da muka taso da su. Shi ya sa ake ɗaga katunan lokaci ɗaya, kuma ni ina fara tambayar ƙarami kafin babba. Littafin jagoran Sikiram ya fito fili a kan wannan: waɗanda za su yi aikin su ne ke da alhakin auna shi. Furodak ona tana bayani, tana iya rage buƙata, amma ba ta ɗaga kati. Na biyu shi ne mayar da maki kwanaki a faɗa wa kwastoma. Ranar da aka ce maki 3 kwana uku ne, daga ranar kowa zai fara ƙara lamba don ya kare kansa, kuma awon ya daina gaya maka komai.

Wasu kuma, bayan sun sha wuya, sai su wuce gona da iri. Su rubuta sharuɗɗa goma sha biyu da sai kati ya cika kafin ya shiga layin `Ready`, wato na katunan da suka shirya, har da cikakken zane da sa hannun mutum uku. Sai katin ya yi wata yana jiran sa hannu, magana kuma ta koma rubuce-rubuce tsakanin mutanen da teburinsu ke kallon juna. Littafin jagoran bai kawo irin wannan jeri ba. Abin da ya ce shi ne, aikin da za a iya gamawa cikin sifirin ɗaya ya isa a zaɓe shi. Mu tambaya uku muke yi kafin mu ja kati zuwa `Ready`: shin kowa zai iya faɗin dalilin aikin da bakinsa, shin mai gwaji ta san misalan da za ta gwada, shin babu jar takardar da za ta tsayar da aiki. Katin da ya kai maki 13 ba ya wucewa sai an raba shi.

Za ka gane ko zaman naku yana aiki ne a ranar Litinin. Idan taron tsara sifirin ya koma muhawara kan ma'anar kati, ko kuma a rana ta shida wani ya taso ya ce “ashe rarar ma a ciki take?”, to ku lura da katin da ya jawo haka, ku kai shi taron bita na ƙarshen sifirin, ku duba wace tambaya ce ba a yi ba ranar Laraba, da kuma wanda ya kamata ya kasance a ɗakin ya yi ta.