Kurakuran da aka fi yi wajen yi wa injin niƙa kuɗi kafin a sayar

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, idan mutum zai sayar da injin niƙa ko shago, yawanci abin da yake faɗa wa dillali shi ne cinikin da yake yi a rana. Daga nan kuskure ke farawa, domin ciniki daban, riba daban. Bari mu ɗauki injin niƙa guda mu bi lissafinsa, da alƙaluma na misali.

Mai injin ya ce yana cinikin sefa 18,000 a rana. Gaskiya ya faɗa, amma cinikin watan azumi ne, lokacin da kowane gida ke kawo niƙan kunu. Da aka duba littafinsa na wata 12, har da damina da ciniki ke ja baya, sai aka ga sefa 12,000 ne a tsakaice. A kwana 26 na aiki, wata ya ba da 312,000. Wuta ta ci 90,000, yaro 35,000, haya 20,000, gyara da sauya bel 17,000, haraji 10,000. Saura 140,000. Wanda ba ya rubutawa, ya fara tun watanni kafin ya nemi mai saye, ya kuma adana takardun kuɗin wuta, don su ne shaidar aikin da injin ya yi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar wannan 140,000 a matsayin riba. Mai injin yana tsaye cikin ƙurar gari daga safe har magariba. Wanda zai saya, ko dai ya ɗauki mutum ya biya shi, ko ya bar nasa aikin ya zo ya tsaya. A ce ladan wannan tsayuwar 60,000 ne, saura 80,000. Sannan injin yana tsufa kullum: idan sabo 1,200,000 ne kuma shekara 5 zai yi, dole a riƙa ware 20,000 duk wata don madadinsa. Ribar gaskiya ta koma 60,000 a wata. Mai saye da ke son uwar kuɗinsa ta dawo cikin shekara 2 zai taya 1,440,000. Shi kuwa mai sayarwa ya ninka 140,000 sau 24 ya sa 3,360,000, yana ta cewa albarka, har masu taya suka daina zuwa. Yawan shekarun da za a ninka ba a kafe yake ba. Yana ƙaruwa idan akwai takardar haya mai sauran wa'adi, yana raguwa idan mata saboda kirkin mai injin suke zuwa, don ba lallai su bi baƙo ba.

A wajen kaya kuma, mutane kan kawo rasidin da suka sayi injin shekara 3 da suka wuce. Abin da ake buƙata shi ne kuɗinsa a yau, kuma makaniki ne zai faɗa bayan ya ji ƙararsa ya duba shi. A ce injin 600,000, rumfa da sauran tarkace 200,000, a cire bashin wuta 100,000, ya zama 700,000. Ƙasa da haka gara a sayar da kayan ɗaiɗai. Amma kada a ɗora 700,000 a kan 1,440,000, domin injin ne ke haifar da ribar, an ƙirga shi sau biyu ke nan.

Sai batun "ai na wane an sayar 2,500,000". A bincika: kuɗin da ya sa ne, ko wanda aka sallama? Har da fili? Lakadan aka biya ko kaɗan-kaɗan? Injin da ke bakin kasuwa ba a auna shi da na cikin lungu. Ciniki biyu ko uku da aka kammala, daga bakin dillalin da ya karɓi la'adarsu, sun fi jita-jita goma amfani.

Kamaru da Cadi duka suna bin dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta. Ta ce sayar da sana'a sai a rubuce, kuma takardar ta nuna ciniki da ribar shekara 3 na baya, ko tun daga farawa idan sana'ar ba ta kai haka ba. Bayan an buga sanarwar cinikin, masu bin bashi suna da kwana 30 su hana a miƙa wa mai sayarwa kuɗin. Don haka mai saye ya tambayi mai filin ko akwai bashin haya, ya kuma ga takardar wuta ta ƙarshe da idonsa kafin ya ba da ko sefa ɗaya.