Yadda Za Ka Saba da Rubuta Labarin Yininka da Turanci

Ka sayi littafi mai shafi 40, ka keɓe minti 10 bayan sallar isha'i, ka rubuta jimloli 5 a kan abin da ka yi, kamar sharar gona ko cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ka riƙa tsallake layi domin a sami wurin gyara.

Ranar Juma'a ka kai wa malamin Turanci, ka roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin kuskure kawai, domin gyaran da ka yi da hannunka ya fi zama. Idan ka rubuta "Yesterday I go to the farm", matsalar tana ga aikatau, tunda a Hausa idan ka ce "na tafi", "na" ke nuna lokaci, "tafi" ba ya canzawa, amma Turanci "went" yake buƙata. Sai ka sake kwafe jimlar daidai, washegari kuma ka shigar da "went" cikin sabuwar jimla.