Biya daga banki kai tsaye: inda ake tuntuɓe tsakanin shafin kanti da manhajar banki

Ƙanwata da ke Jos ta sayi injin markaɗe na naira 48,500 a wani kanti na Abuja da ke ciniki ta intanet, ta ƙare da biyan 97,000. Ba a damfare ta ba, bankinta ma bai yi kuskure ba. Da babban yatsanta ta amince sau biyu, minti uku tsakani. Da ta kira ni murya na rawa cewa take, "Yaya, ai shafin ne ya ce bai shiga ba." Ba haka shafin ya ce ba, za mu zo wurin.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan ka zaɓi biya daga banki a shafin kanti, ka danna sunan bankinka, kamfanin da ke karɓar wa kantin kuɗi yakan aika wa bankin buƙata mai ɗauke da adadin kuɗin, da asusun da za su shiga, da lambar shaidar cinikin. Daga nan sai a ba wayarka wani mahaɗi na musamman wanda manhajar bankin ta yi rajistarsa a matsayin nata, shi ya sa da an taɓa shi take buɗewa da kanta. Ka shiga da yatsa ko fuska ko lambar sirri kamar kullum, ka tarar an riga an cike komai, naka kawai ka duba ka amince. Bankin ya tura kuɗin, manhajar ta mayar da kai shafin kantin. A bayan fage kuma akwai wani saƙo da ba ka gani, wanda kamfanin karɓar kuɗin ke aika wa kwamfutar kantin cewa kuɗi sun iso. Da wannan saƙon ne kanti ke sakin kaya.

A Birtaniya aka fi sabawa da wannan tsari, inda aka fara buɗe ƙofofin bankuna ga irin waɗannan kamfanoni a 2018. A nan gida Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin dokar a 2021, ya biyo da ƙa'idojin aiki a 2023. Don haka a shafukan kantunanmu abin a gauraye yake: wani maɓallin zai kai ka manhaja, wani zai ba ka lambar asusu ta wucin gadi ka je ka yi taransifa da hannunka, wani kuma lambar da za ka danna mai farawa da tauraro. Duk ana ce musu biya ta banki, kuma ruɗanin farko daga nan yake tasowa.

Manhajar ta ƙi buɗewa

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa ta WhatsApp ko Instagram suke turo mahaɗin biya. Idan ka taɓa shi a cikin Instagram, shafin yakan buɗe ne a wata 'yar burauza da ke cikin manhajar, kuma irin waɗannan ba kullum suke yarda su miƙa ka ga wata manhaja ba. Alamar ita ce ka danna sunan banki ka ga farin shafi, ko abu na ta juyi ba ya ƙarewa, ko a jefa ka wurin sauke manhajar da ka san tana wayarka. Maganin bai kai minti ɗaya ba: taɓa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi buɗewa a burauza, ko ka kwafi mahaɗin ka liƙa a Chrome ko Safari, ka faro daga farko. Idan har yanzu shiru, duba ko manhajar bankin ta tsufa tana neman sabuntawa. A wayoyin Android kuma akwai saiti a ƙarƙashin kowace manhaja, galibi an rubuta Open by default, wanda idan an kashe shi mahaɗin ba zai san hanyar gida ba.

Wanda ke sayayya a kwamfuta ba shi da manhajar da za ta buɗe. Shi akan nuna masa hoton lambar QR ya haska da wayarsa, ya amince a wayar, shafin kwamfutar ya canza da kansa.

Abin da mutane ke yi idan sun gaji shi ne su buɗe manhajar da kansu, su nemo lambar asusun kantin da suka taɓa gani a wani hoto, su tura. Kuɗin za su isa, amma ba tare da lambar shaidar cinikin ba, don haka kwamfutar kantin ba ta san na wace oda ba ne. Sai an zauna an bi da ido, kai kuma kana ta tura hoton rasit ana ce maka a jira mai kanti ya dawo daga masallaci.

Rubuta lambar sirri a inda bai kamata ba

Wannan ne kuskuren da ya fi tsada. Amfanin tura ka manhaja gaba ɗaya shi ne kada kanti ko kamfanin da ke tsakani ya ga sirrinka. 'Yan damfara sun san haka, shi ya sa suke gina shafi mai launin bankinka da tambarinsa, wanda da ka danna zai buɗe kamar an kai ka banki, ya ce ka sa lambar waya, kalmar shiga da lambar sirri ta taransifa.

Ana rabe su. Manhaja ta gaske ba ta da layin adireshi a samanta, ta san sunanka, tana karɓar yatsanka kamar yadda ta saba. Idan kana shakka, buɗe jerin manhajojin da ke aiki a wayar: za ka ga ta banki ta tsaya ita kaɗai da tambarinta, dabam da burauza. Idan abin da ke kama da banki yana zaune ne a cikin Chrome, to shafi ne kawai. Gaskiya akwai bankunan da har yanzu shafinsu na intanet suke kai mutum, akwai kuma tsohon salon da ake sa lambar asusu a turo lambar tabbatarwa ta tes. Ni dai a ra'ayina, idan mahaɗin daga baƙo ya zo kuma an nemi sirri a cikin burauza, gara a fasa a nemi wata hanyar biya. Duk wanda kuma ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka don ya "kammala" cinikin, kashe wayar.

Dangwala yatsa ba a karanta ba

Shafin amincewa yana nuna suna da adadi, kuma nan ne kaɗai bankinka da kansa ke gaya maka inda kuɗinka za su. Mutane kan wuce shi kamar mai wuce shingen da ba jami'i. Sunan ba lallai ya zama na kantin zalla ba, sau da yawa sunan kamfanin karɓar kuɗin ne haɗe da na kantin, wannan ba laifi. Amma ka zo sayen kaya a kanti mai rajista ka ga sunan wani mutum da ba ka taɓa ji ba, tsaya ka tambaya. Duba kuma ko biya ɗaya ne kake amincewa da shi, ko izinin a riƙa cira duk wata.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne taransifa ce, ba kati ba. Mai kati yana da hanyar ƙalubalantar ciniki ta bankinsa idan kaya ba su zo ba. Taransifar da ka amince da ita da yatsanka kuwa ta tafi, dawowarta sai da yardar wanda ya karɓa ko doguwar shari'a.

Biya sau biyu

Mu koma ga ƙanwata. Da ƙarfe 4:12 na yamma ta amince a manhaja, aka cire 48,500. A daidai lokacin da za a mayar da ita shafin kanti netwok ya tsinke, ta koma da hannu ta tarar an rubuta Pending. Ma'anarsa kantin bai ji labari ba tukuna, ita kuwa ta ɗauke shi a matsayin an ƙi karɓa. Alat na tes bai shigo ba, wanda ba baƙon abu ba ne, yakan makara. Sai ta koma kwandon sayayya ta sake danna biya, aka ƙirƙiri sabuwar buƙata da sabuwar lambar shaida, ta amince da 4:15. A idon banki ciniki biyu ne lafiyayyu.

Abin da ya kamata ta duba yana tafin hannunta. Tarihin hada-hada a cikin manhaja shi ne shaida, ba alat ba, ba shafin kanti ba. Idan an cire kuɗi an rubuta Successful, an biya ke nan, ko da ba a mayar da kai shafin ba, domin saƙon bayan fagen nan ba ya jiran dawowarka. Ka ba shi minti goma ko sha biyar, ka sabunta shafin odar. Idan ba a cire komai ba kuma lokacin buƙatar ya ƙare, don 'yan mintoci ake ba ta, sannan ne za ka faro sabo.

Na ce ta buɗe rasit ɗin biyu ta karanto min Session ID. Taransifa tsakanin bankunan Najeriya tana bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankuna wajen tura wa juna kuɗi, kuma kowace tana da wannan lamba mai alƙaluma 30: shida na farko na bankin da ya tura ne, sha biyu na gaba kwanan wata da lokaci har da daƙiƙa. Nata biyu ne mabambanta, ɗaya da 1612 a ciki, ɗaya da 1615, duka sun yi nasara. Nan muka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da a ce an cire ne amma taransifar ta faɗi, banki ne zai mayar, kuma shi za a kai wa ƙorafi, a karɓi lambar ƙorafin, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba a kai Sashen Kare Masu Hulɗa na Babban Banki. Nata kuwa kuɗin suna wurin kanti, zuwa layin banki ɓata takalmi ne.

Ta rubuta wa mai kantin: "Ranka ya daɗe, na biya oda ɗaya sau biyu, ga lambobin biyu da lokutansu." Ya duba shafinsa na kamfanin karɓar kuɗi, ya ga oda biyu na injin ɗaya da sunanta, ya amsa, "Hajiya, na gani, a yi haƙuri." Ya soke ta biyun, kuɗin suka koma asusun da suka fito bayan kwana uku. Da ya tambaye ta ko ya turo kuɗin ta wani asusun don a yi sauri, na ce ta ce a'a, a bi ta tsarin, don a samu rubutacciyar shaidar cewa odar ta biyu ce aka mayar. Injin ya iso tashar mota ta Jos ranar Asabar, ta biya direba dubu biyu.