Lissafin sola da janareta: inda masu shago ke tafka kuskure

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kusan kowane mai shago da na sani ya zauna ya yi lissafin sola, kuma yawancinsu lissafin son zuciya suke yi. A raba kuɗin kayan da kuɗin man wata, a ce "shekara ɗaya ta mayar da kuɗinta". Ina!

Kuskuren farko shi ne ƙiyasin mai da ka. Mutum ya tuna ranar da ya fi shan wuya, ya ɗauke ta ma'aunin kullum, ya manta ranakun da aka kawo wuta. Ni littafi nake ajiyewa, in rubuta kowace lita da na zuba har sati huɗu. Mu ce ka samu lita 3 a rana, lita a naira 900, kwana 26 a wata: naira 70,200. Ƙara 5,000 na baƙin mai, fulogi da makaniki, ya zama 75,200. Amma sola ba za ta kashe wannan duka ba. Ranakun hadari na Agusta da hazon hunturu sai ka tayar da inji, don haka cire kamar 8,000 a wata. Abin da ka tsira da shi 67,200 ne. In kayan sun ci 1,200,000, wata 18 ke nan.

Sai batir, wanda ni ya ƙona ni, har yau ina jin zafinsa. Na sayi na ruwa guda biyu, 12V 200Ah, na ga 4,800Wh a takarda na ɗauka duk nawa ne. Ashe rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Na riƙa barin firiza da fanka a kansu har asuba, inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na kuka ina juya kwanciya. Wata na goma sha huɗu, ko isha'i ba sa kaiwa. Wanda ya haɗa min ya ce ai laifina ne, kuma da gaskiyarsa, sai dai bai faɗa min ba ranar da yake ƙirga kuɗina. Ɗora sabon batir na 500,000 a kan misalin can: 1,700,000 a raba da 67,200, ka haura wata 25. Ku daina tambayar shekarun fanel, wato faifan da ke mayar da hasken rana wuta! Fanel na iya shekara ashirin, batir ne ke cin riba. Yanzu da rana nake daskarar da kaya, in kashe firiza da magariba, ƙanƙarar ta riƙe sanyin.

Janaretan da ka riga ka mallaka kada ka sa kuɗin sayensa, an riga an kashe su. In biyan kaɗan-kaɗan za ka yi, jimlar abin da za ka biya ake rabawa, ba farashin kuɗi hannu ba. Farashin lita kuwa yana hawa yana sauka, shi ya sa nake sake lissafin da rage naira 200 a kan lita, in ga ko har yanzu zan iya jira.