Ku karanta bayan kwalbar mai kafin ku biya kuɗi

'Yan uwa mata, idan kun shiga shagon kayan kwalliya neman man shafawa mai rangwamen kuɗi, ku juya kwalbar ku duba jerin sinadaran da aka rubuta da ƙananan haruffa a bayanta, domin a nan ne mayukan bilicin suke ɓoye asirinsu.

Duk wanda kuka ga an rubuta Hydroquinone, ko Mercury wanda akan ɓoye shi da sunan Calomel, ko Clobetasol da Betamethasone, ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Biyun ƙarshen magungunan ciwon fata ne masu ƙarfi waɗanda sai likita ya rubuta ake shafa su, kuma daɗewa a kansu yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito raɗau. Na ga wata maƙwabciyata wadda fuskarta ta yi fari amma gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, kumatunta kuma suka ƙone, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ku nemi wanda aka fara jerinsa da Aqua, Glycerin, Petrolatum ko Shea Butter, wato man kaɗanya, tunda sinadarin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Kwalbar da ba ta da jerin sinadarai ko lambar NAFDAC, musamman haɗin gida da ake durawa a roba, kada arha ta sa ku saya.